Kayan wasan yara da na jarirai a Babbar Kasuwar Yamai

Muna sayar da tubalan wasa na katako, guda 24 a kwali, waɗanda aka kankare gefunansu aka shafa musu fenti marar dalma, kan jaka biyu. Sun dace da yara daga shekara 3 zuwa 6. Kada a ba wanda bai kai ba, domin ƙananan cikinsu suna iya shaƙe shi idan ya kai baki.

Akwai kuma kacau-kacau na roba mai taushi na jarirai daga wata 6, a riƙa wanke shi da sabulu, a jefar da shi da zarar ya tsage. Ledar da aka naɗe kayan, don Allah iyaye su nisantar da ita daga yara.