Abin da muka tsaida a zaman Asabar 18 ga Oktoba, da ranar zama na gaba

Assalamu alaikum Baba Shugaba, Hajiya Ma'aji, iyaye da yayye 'yan kwamitin bankin hatsi na unguwa.

Ina gaisuwa, ina yi muku ban gajiyar zaman jiya. Mu 9 muka halarta cikin 11. Malam Liman ya tafi jana'iza Matamaye, Inna wakiliyar mata kuma tana jinyar jikanta, Allah ya ƙara sauƙi. Ga abin da aka tsaida da wanda aka ɗora wa kowane aiki. Na sa kuɗin duka da jika, don jiya an so a rikice, wani na lissafi da dala wani da faranka. Jika guda dala 200 ce, wato faranka 1,000.

Hajiya Ma'aji ta ƙirga abin da ke asusu a gaban kowa: miliyan 1 da jika 380. Akwai bashin bara jika 215 a hannun mutum 11, sai karo-karon bana na jika 5 kowane mutum, mu 45, wato jika 225. In komai ya shigo muna da miliyan 1 da jika 820. An ware jika 120 na hidima: 65 gyaran mangaza, 40 kuɗin mota da dako, 15 buhunan wake. Sauran miliyan 1 da jika 700 shi ne kuɗin saye.

Za mu sayi hatsi buhu 70 da wake buhu 10. Ba za a wuce jika 20 a buhun hatsi mai tiya 40 ba, wato dala 100 tiya, wake kuma jika 30. In kasuwa ta fi haka, masu saye su kira Baba Shugaba tun suna can, kada su yanke da kansu. In ta yi ƙasa, rarar ta tafi ga ƙarin hatsi.

An daɗe kan maganar ko mu jira. Alhaji Mataimaki yana ganin tunda gwamnati ta hana fitar da hatsi waje tun Oktoban 2024, farashi ba zai yi tashin da muka saba gani ba, mu dakata har Disamba. Kawu mai saye ya ce shi abin da ya sani, yanzu ne manomi ke fito da sabon hatsi don kuɗin makarantar yara da biyan bashin damina, kuma da manyan 'yan kasuwa sun fara cika mangazunsu, sai dai mu saya a hannunsu. Aka raba gardama: buhu 40 yanzu da kuɗin da ke hannu, sauran 30 da waken bayan bashi da karo-karo sun shigo.

Saboda haka ranar Alhamis 23 ga wata Kawu zai zaga Kasuwar Dole ya jiyo farashi, ya turo mana kafin magariba. Ranar Lahadi 26 shi da Yaya mai kula da mangaza za su tafi kasuwar Miriya su yi sayen farko. Hajiya za ta damƙa musu jika 800 da kuɗin mota ranar Asabar da yamma, da sa hannu, a gabana. An ce a auna kowane buhu da tiyarmu ta kwamiti, kuma a zura hannu har ƙasa. Kowa ya tuna buhu 3 na bara da muka tarar da yashi da ƙaiƙayi a gindinsu.

Amma hatsi ba zai shiga mangaza ba sai an gyara ta, kuma nan ne nake jin tsoron mu makara. Kwano biyu na yoyo ta kusurwar gabas, gara ta ci ƙofa daga ƙasa, akwai ramin ɓera a bayan inda muke jera buhu. Yaya ya ɗauki aikin: ya kawo magini da kafinta, a sauya kwanon, a toshe ramin da siminti, a share, a jera katako yadda buhu ba zai taɓa ƙasa ko bango ba. Wa'adinsa Juma'a 24 ga wata. Yaya, don Allah in ka ga ba zai yiwu ba ka faɗa tun Laraba, mu nemi wurin sauke kaya na kwana biyu. Sayen buhunan PICS 10 na wake ma yana wuyanka kafin ƙarshen wata. Su ne masu leda biyu a ciki da buhu a waje. In an matse iska an ɗaure kowace leda daban, ƙwaro kan mutu da kansa. An amince bana ba za a sa wa wake magani ba ko kaɗan.

Sai maganar bashi, wadda ta fi kowace zafi. An tsaida bana babu ba da hatsi bashi, ko ga ɗan kwamiti. Na san abin bai yi wa wasunmu daɗi ba, ni ma akwai maƙwabcina cikin mutum 11 ɗin. Sai dai jika 215 hatsi buhu 10 ne da ɗoriya, kuma ba a aljihun kowa ya fito ba sai na unguwa. Hajiya Ma'aji da Malam Liman za su bi su gida-gida cikin sirri, ba za a karanta sunan kowa a taro ba. Wanda ba shi da kuɗi ya biya da hatsi a kan farashin ranar. Wa'adi Litinin 10 ga Nuwamba. Malam, an ɗora maka wannan ba ka nan, don an ce kai ne ba za a rufe wa ƙofa ba. In da uzuri a sanar da Baba. Karo-karo ma ranar ce ƙarshensa, ni zan karɓa wajen maza, Inna wajen mata, kowa da rasit.

Ba za a buɗe mangaza ba sai 1 ga Yuni 2026, ko da azumi zai kama a Faburairu kuma za a matsa mana. Bankin don tsakiyar damina aka kafa shi, lokacin da rumbu ya ƙare sabo bai nuna ba. Farashin sayarwa ba a yanke ba tukuna, sai mun ga abin da saye ya ci da kuma ko hukumar cimaka ta gwamnati, OPVN, za ta fito da nata hatsin mai rahusa. Makulli biyu za a sa, ɗaya wajen Baba ɗaya wajen Yaya.

Abu ɗaya ya rage ba a gama ba: shawarar Inna, wadda ta aiko da ita, cewa a ware buhu 5 na zawarawa da marayu. Kowa ya yi na'am, amma ba a daidaita kan wanda zai zaɓi gidajen ba. An bar ta sai ta zo da kanta.

Zama na gaba Asabar 15 ga Nuwamba 2025, ƙarfe 4 da rabi bayan la'asar, a zauren Baba Shugaba. Hajiya ta zo da littafin kuɗi, Kawu da rasit na sayen Miriya, Yaya da lissafin gyara. A nan za a sa ranar saye na biyu.

Wanda ya ga na rubuta abin da ba haka aka ce ba ya gyara mini kafin daren Talata 21, bayan nan zan kwafe shi cikin littafin kwamiti Baba ya sa hannu. Zan kuma karanta shi da murya a zaurenmu na WhatsApp saboda waɗanda ba sa buɗe imel.

Na gode, a huta lafiya.

Ɗanku kuma ƙaninku,
Sakataren kwamiti
Damagaram, Lahadi 19 ga Oktoba 2025