Tsarin tunatarwar lokutan sallah ta kullum: birnin Maraɗi

Wannan tsarin na masu saka bidiyon tunatarwar sallah ne a shafi da gurup na masallacin unguwa. An cika shi da lokutan ranar Talata 13 ga Janairu 2026. Hoton baya da wurin zaman rubutu ba a taɓa su. Abu uku kawai ake canzawa kowace rana: kwanan wata, lokutan, da layin ƙarshe na rubutun ƙasa. Wanda hannunsa ya saba, minti biyar ya ishe shi.

Girman bidiyo

A tsaye yake, 1080×1920, daƙiƙa 15. A fitar da shi a 720p, nauyinsa kada ya wuce mega 4. Mafi yawan masu kallo da ƙaramin kiredi suke buɗewa, in kuma rezo ya yi rauni bidiyo mai nauyi sai ya tsaya yana juyawa har mutum ya wuce shi. A bar wajen fikisal 250 a sama da 350 a ƙasa ba rubutu, domin nan sunan mai sakawa da akwatin amsa suke rufewa.

Hoton baya

Ɗauka ɗaya ce, ba yanka. A ɗora salula a kan abin da ba ya motsi, ko da bulo biyu ne, a tsayin gwiwa. A gaba buta uku jere a bakin dakalin alwala, ɗaya a ɗan karkace, ƙasan da ke gabanta a jiƙe. A tsakiya tabarmi shimfiɗe, babu kowa a kai. A baya bangon masallaci da inuwar iccen bedi tana motsi a jikinsa. Motsin inuwar nan ya isa, shi ke nuna wa mai kallo bidiyo ne.

A ɗauka tsakanin 17h30 da 18h00, rana tana bayan mai ɗauka. A lokacin hunturu hazo yakan mai da sama fari fat, farin rubutu kuwa ɓacewa yake a kan farin sama. Saboda haka a sunkuyar da salula yadda bango zai cika kashi biyu bisa uku na hoton, a kuma goge gilashin kamara da gefen riga kafin a danna, ƙurar yini ɗaya ta isa ta dishe hoto. Kada fuskar kowa ta fito, balle ta mai sallah. Wanda ya zo ganawa da Ubangijinsa bai zo a ɗauke shi ba.

Sauti: abin da wurin ya bayar, kukan tsuntsaye da zubar ruwan buta, a rage shi zuwa kashi 20. Ba kiɗa. Kiran sallah ma ba a sakawa, ko da yake shi mutane suka fi nema. Bidiyon yana yawo yini guda, ana buɗe shi a kasuwa da kan babur, har da inda bai dace a ji sunan Allah ba, kuma tsoho da ya ji kira daga salular jikansa da ƙarfe 11 zai iya tashi neman buta.

Rubutun kan bidiyo

A shimfiɗa baƙin allo mai duhun kashi 55 a tsakiyar hoton, rubutu ya hau kansa. Fari ne duka, ban da lokutan jam'i da za a yi da ruwan ɗorawa.

Daga daƙiƙa 0 har ƙarshe, a sama, ba ya gushewa:

> LOKUTAN SALLAH A MARAƊI
> Talata 13 Janairu 2026 · Rajab 1447

Daga daƙiƙa 2 zuwa 12, a tsakiya, duka a lokaci ɗaya:

| Sallah | Shigar lokaci | Jam'i |
|---|---|---|
| Asuba | 05h43 | 06h05 |
| Azahar | 12h41 | 14h00 |
| La'asar | 15h57 | 16h15 |
| Magariba | 18h23 | 18h30 |
| Lisha | 19h34 | 19h50 |

> Fitowar rana: 06h58

Daga daƙiƙa 12 zuwa 15, allon lokuta ya dishe, wannan ya fito:

> «Lalle sallah ta kasance farilla mai ƙayyadadden lokaci a kan muminai.»
> Suratun Nisa'i, aya ta 103

Kada a sa layukan su riƙa shigowa ɗaya bayan ɗaya suna tsalle. Mai kallo layi ɗaya yake nema, ya ɗora yatsa ya tsayar da bidiyon, ya duba, ya wuce. Lambobi su fi sunayen sallolin girma, mai raunin ido ya iya karantawa ba tare da ya kai salula bakin hanci ba.

Kwanan watan da ke sama shi ne abin da bai kamata a manta da shi ba ko sau ɗaya. Abin da aka sa a `Statut` yana gogewa bayan awa 24, amma wanda aka tura gurup yana nan, kuma akwai mai turo na makon jiya da kyakkyawar niyya. A watan Janairu Magariba tana ƙara wajen minti ɗaya kowane kwana biyu. A shekara kuwa tana tafiya daga wajen 18h00 a watan Nuwamba zuwa wajen 19h00 a Yuli, awa guda cur. Na Hijira an sa wata da shekara kawai. Kalandar salula da lissafi take aiki, mu kuma sanarwar ganin wata ta Majalisar Musulunci ta Nijar muke bi, sau da yawa akan samu bambancin kwana ɗaya. Wanda ya tabbatar da ranar daga bakin liman, ya ƙara ta.

Inda lokutan suke fitowa

Layin jam'i na masallaci ne. Daga bakin liman ko ladan ake karɓarsa, ba a ƙirƙira, ba a kuma kwafo na masallacin wata unguwa. Na Zariya daban, na Sabon Gari daban, na Ali Ɗan Sofo daban.

Layin shigar lokaci kuwa lissafin rana ne, kuma nan ne kuskure ya fi yawa. Na farko, jadawalin wani gari. Maraɗi tana gabas da Yamai da wajen digiri 5, kowane digiri minti 4 ne, don haka rana tana riga faɗuwa nan da wajen minti 20. Wanda ya kwafo jadawalin Yamai ya jinkirta wa mutane Magariba, mafi muni kuma ya nuna musu rana ba ta fito ba alhali lokacin Asuba ya riga ya fita. Damagaram tana gabanmu da minti 7 zuwa 8, Tasawa da 3 zuwa 4. Agogon Nijar da na Nijeriya ɗaya ne, shi ya sa jadawalin Kano yake shigowa gurup ba a lura ba, alhali zawalinsu ya riga namu da wajen minti 6.

Na biyu, saitin manhaja. Lokutan da ke sama an fitar da su ne da `Muslim World League`, wato digiri 18 na alfijir da 17 na Lisha. Salular da aka saita da Faransanci wani lokaci takan zo a kan `UOIF`, mai digiri 12, wanda a wannan ranar zai ba da Asuba wajen 06h09, minti 26 bayan namu. A sauran ranaku abin da sauƙi, amma da azumi mai sahur da wannan lambar zai ci abinci bayan alfijir ya keto. Sai La'asar: a zaɓi `Standard` ko `Shafi'i, Maliki, Hanbali`, inda lokaci ke shiga in inuwar abu ta kai tsawonsa bayan inuwar zawali. In aka bar shi a `Hanafi`, La'asar za ta koma wajen 16h46, bayan an sallame a masallaci. In lissafi ya faɗo tsakanin minti biyu, a ɗauki na gaba, musamman a Magariba. In kuma jadawalin da ke manne a bangon masallaci ya saɓa da na salula, a kai wa liman, abin da ya ce shi ake sakawa.

Haruffa

Kafin a zaɓi salon rubutu a gwada shi da wannan layin: Maraɗi, ƙarfe, ɓata, ƴan'uwa. In ƙ ko ɗ ta fito akwati, ko ta fi sauran siranta, salon ba shi da haruffanmu. `Noto Sans` da `Andika` suna da su. Ayar kuma an bar ta da fassara da gangan. Wasu manhajojin haɗa bidiyo suna rarraba haruffan Larabci ko su juya su daga hagu, kuma wanda bai iya karatun ba ba zai gane ya ɓata aya ba. Mai son Larabcin ya sa shi a matsayin hoto, bayan malami ya duba.

Rubutun ƙasa

> Assalamu alaikum ƴan'uwa. Lokutan sallah na Talata 13 ga Janairu 2026, birnin Maraɗi kawai.
> Asuba 05h43, jam'i 06h05
> Azahar 12h41, jam'i 14h00
> La'asar 15h57, jam'i 16h15
> Magariba 18h23, jam'i 18h30
> Lisha 19h34, jam'i 19h50
> Lokacin jam'i na masallacinmu ne, kowa ya bi na unguwarsa. Don Allah kada a tura wannan bayan ranar.
> Sanyi ya sauka, mai fitowa Asuba ya taso maƙwabcinsa. Allah ya karɓa mana.
> #Maradi #LokutanSallah

An maimaita lokutan a nan ne saboda wanda bidiyon ya ƙi buɗe masa. A alamar `#Maradi` an bar d marar lanƙwasa, don haka mutane suke bugawa in suna nema.

Layin ƙarshe kafin alamomin # shi ke juyawa. Laraba: «Mai shago, rufe na minti goma ba ya korar arziki.» Alhamis: «Juma'a na tafe, a wanke tufafi tun Alhamis.» Asabar: «Iyaye, a riƙo hannun yara zuwa Magariba.» Lahadi: «A cika sahun gaba kafin a fara na baya.» Litinin: «An tambayi Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, aikin da Allah ya fi so, ya ce sallah a kan lokacinta. Buhari da Muslim.» Hadisin da ba a san inda ya fito ba, kada a sa shi, komai daɗinsa.

Ranar Juma'a layin Azahar yana komawa «Juma'a», a rubuta lokacin fara huɗuba na masallacin Juma'ar da jama'ar unguwa ke zuwa. Da azumi a ƙara «Ƙarshen sahur» a saman Asuba, a mai da layin Magariba «Magariba da buɗa baki».

Sakawa

Ana sakawa bayan Lisha ta daren da ya gabata, wajen 20h30, don mai tashi Asuba ya kwana da shi. Tunda daren Litinin ake sakawa, kada a rubuta «yau» ko «gobe» a kan bidiyon, sunan ranar ya isa. A haɗa na kwana bakwai a zama ɗaya lokacin da akwai kuran, kowane da sunansa, kamar `2026-01-13_talata.mp4`, yadda ba za a ɗauko na Laraba a daren Litinin ba. Kafin a danna turawa mutum na biyu ya karanta lambobin da ƙarfi, mai haɗawa yana bin jadawali da yatsa. In kuskure ya riga ya fita, a goge shi daga `Statut` da gurup duka, a sake sakawa da kalmar GYARA a farkon rubutun ƙasa.