Ku kashe kekunan nan tukuna, maganar kala zan yi muku

To samari, kowa ya ɗaga ƙafa daga kan keke, kai Auta aje dutsen gugar nan kar ka ƙona mana shaddar mutane. Minti biyar kawai zan ci muku.

Jiya ina daga ciki ina yanka na ji wani cikinku, ba zan kama suna ba ya san kansa, yana ce wa kwastoma wai "Alhaji ai wannan kalar ba ta baƙaƙen mutane ba ce". Haba jama'a! Mutum ya sha rana ya je Sabon Gari ya zaɓo yadinsa da kuɗinsa, ya hawo mashin har nan Tudun Wada, sannan ka tarbe shi da wannan? Ko da gaskiyarka ka riga ka ɓata. Kuma ma ba gaskiya ba ne, baƙin mutum ai shi ne mai sa'ar kala, sa masa farar shadda ko ruwan madara ko sararin samaniya ka ga yadda zai fito fes. Abin da ke cinye shi shi ne kala mai duhu sosai irin ruwan ƙasa mai turuwa, sai fuskar da rigar su haɗe, a hoto ba ka ganin komai sai haƙora. Farin mutum kuwa ruwan hanta da shuɗi mai duhu da kore mai duhu suna ɗaga shi, amma ruwan ƙwai mai haske yakan sa ya yi fayau kamar wanda ya tashi daga zazzaɓi. Wankan tarwaɗa shi kam kusan komai ya sa ya zauna.

Amma kar ku haddace wannan kamar karatun allo, ido za ku koya wa aiki. Kuma kar ku yarda da fitilar shago, ƙarya take yi, ruwan toka sai ya koma shuɗi a ƙarƙashinta. Ka ce ranka ya daɗe mu ɗan fita bakin ƙofa, ka yafa masa yadin a kafaɗa kusa da fuska, ka miƙa masa madubi, ka yafa wani a ɗaya kafaɗar, sai ka yi shiru. Wallahi sau da yawa shi da bakinsa zai ce wannan ya fi, kai naka kawai ka ce "ai kuwa Alhaji ka iya zaɓe".

Kafin ma a kai nan, tambaya tukuna, ina za a je da kayan? Na ɗaurin aure daban, na ofis daban, ɗan makaranta da zai sa ya je lacca a Samaru ko Kongo yana hawa mashin kullum cikin ƙurar hunturu, in ka ba shi shawarar fari ka haɗa shi da wanki ne kawai. Mai yawo a rana lokacin zafi kuma baƙi zai gasa shi.

Yawanci dai mutum da yadinsa yake zuwa, ya riga ya saya, almakashi ba ya canza kala. To a nan naka ikon yana wajen zare. Da zaren aiki kake gyara abin da kasuwa ta ɓata, in yadin ya yi masa duhu ka sa aiki mai haske a wuya, tunda wuya ne ke kusa da fuska, ka kuma ce masa ga irin hular da zai nema. Dattijo mai babbar riga, aska takwas ko aska biyu, ya fi son zare ya bi jikin shadda ko ya ɗan fi ta turuwa kaɗan, kar ka je ka zuba masa kala uku kamar ɗan gaye. Kuma don Allah ja da kore a riga ɗaya ku bar wa dogaran Sarki abinsu, sai in mutum ya ce hawan Sallah zai yi.

Mata kuwa, ku kama bakinku ku kama hannunku. Ba kai za ka yafa mata ba, miƙa mata ta gwada da kanta. Ka duba atamfar ka nemo ƙaramar kalar da ke cikin zanen, ita za ka ce a nemo mayafi ko leshin haɗi da ita. In anko ne ba ruwanka, amarya ta riga ta zaɓa, ɗinka kawai.

In ka faɗa sau ɗaya cikin ladabi mutum ya ce shi dai wannan yake so, shikenan, jikinsa ne kuɗinsa ne, rubuta a littafin awo cewa shi ya zaɓi zaren don kar gobe a dawo ana mana hayaniya a bakin shago.

Auta, ɗauko ƙyallayen nan na cikin buhu, kowa ya kama abokinsa ku fita waje ku gwada wa juna, zan zo in ji abin da kowa ya zaɓa da dalilinsa kafin a kira la'asar.