Kwatanta hanyoyi uku na rubutun sirri da yadda ake fasa kowacce

Aikin gida: Gabatarwa ga Tsaron Bayanai, aji biyu

Mai fasa rubutun sirri maimaici yake farauta. Kowane harshe yana da halinsa: wasu haruffa sun fi wasu yawa, wasu kalmomi ba sa rabuwa da jimla. Idan wannan hali ya leƙo ta cikin ɓoyayyen saƙo, asiri ya tonu. Da wannan ma'auni zan auna hanyoyin uku: musayar harafi da harafi, musaya da jerin haruffa da yawa, da mabuɗin sau ɗaya. Don sauƙin lissafi na ɗauki haruffa 26 na boko, A = 0 har zuwa Z = 25, na ajiye ɓ, ɗ da ƙ a gefe.

Musayar harafi da harafi

A nan kowane harafi yana da magaji guda tun daga farkon saƙo har ƙarshensa. Mafi sauƙi ita ce ta Julius Caesar, wanda yake matsar da kowane harafi gaba da taki uku:

```
ZA A KAWO KAYA GOBE DA SAFE
CD D NDZR NDBD JREH GD VDIH
```

Mabuɗan wannan, wato yawan takin da za a iya matsarwa, 25 ne kacal, ɗan firamare ma zai gwada su duka kafin a tashi tara. Idan kuwa aka hargitsa jerin haruffan gaba ɗaya, mabuɗan sun kai 26!, wato kusan 4 da sifiri 26 a bayanta. Na'urar da ke gwada biliyan ɗaya a daƙiƙa sai ta haura shekara biliyan 12 kafin ta gama. Sai dai ba wanda yake bin wannan doguwar hanya. Tun a ƙarni na 9, a Bagadaza, Al-Kindi ya rubuta dabarar ƙirga haruffa: a san harafin da ya fi yawa a harshen, a nemo alamar da ta fi yawa a ɓoyayyen saƙon, a haɗa su.

A misalin sama haruffa 21 ne, D ta fito sau 7. Bahaushe ba ya buƙatar a faɗa masa cewa A ce. Daga nan CD da GD sun zama kalmomi masu harafi biyu da ke ƙarewa da "a": da, na, ta, ya, za, ba. Kuma tunda kusan duk kalmar Hausa da wasali take ƙarewa, R da H da ke ƙarshen kalmomi wasula ne. Ana cike gurbi ɗaya, na kusa da shi sai ya buɗe. Inda dabarar ke tuntuɓe shi ne gajeren saƙo, domin ƙirgar haruffa ashirin tana iya yaudara. Ƙara wa tsarin alamomin kalmomi da alamomin bogi bai cece shi ba: wasiƙun Mary, sarauniyar Scotland, na 1586 suna da irin wannan ado, amma Thomas Phelippes ya karanta su, aka kashe ta a 1587.

Musaya da jerin haruffa da yawa

Maganin da aka samo shi ne a hana harafi zama da fuska ɗaya. Alberti ya kawo faifai mai juyawa wajen 1467, Bellaso ya kawo amfani da kalmar sirri a 1553, ko da yake sunan Vigenère ne ya bi tsarin. Ana rubuta kalmar a ƙarƙashin saƙon, ana maimaita ta, sannan a tara lambobin: C = (P + K) mod 26, inda P harafin saƙo ne, K na mabuɗi, C kuma ɓoyayyen harafi; idan jimillar ta kai 26 sai a cire 26.

```
ZAAKAWOKAYA
TUWOTUWOTUW
SUWYTQKYTSW
```

Yanzu A ta zama U, ta zama W, ta zama T, kuma S tana wakiltar Z a wuri ɗaya, Y a wani. Ƙirgar Al-Kindi kai tsaye ba ta ci. Amma a duba YT, ta fito a gurbi na 4 da na 8. Dalili kuwa, KA ta faɗo kan OT na mabuɗin har sau biyu. Tazarar 4 ce, tsawon TUWO ke nan. Wannan ita ce hanyar da Friedrich Kasiski ya wallafa a 1863, wadda Charles Babbage ya riga shi ganowa amma bai buga ba. A dogon saƙo ana neman guntaye masu harafi uku ko fiye da suka maimaitu, a auna tazararsu, a nemi lambar da ke raba su duka. Idan tazarar ta zo 12, 20 da 28, zato ya faɗa kan 4. Wani maimaicin katari ne kawai, shi ya sa ba a dogara da guda ɗaya.

William Friedman ya ƙara da ma'auni na lissafi a farkon shekarun 1920: yiwuwar a zaro haruffa biyu daga rubutu su zo iri ɗaya. A Ingilishi kusan 0.067 ne, a haruffan da aka zuba barkatai kuwa 0.038. Sai a gwada tsawo 2, 3, 4, ana raba saƙon gida-gida, tsawon da ya sa kowane gida ya kusanci adadin harshen shi ne daidai.

Da an san tsawon, aiki ya ƙare. Harafi na 1, na 5, na 9 duk T ce ta matsar da su, ke nan tsarin Caesar ne guda huɗu aka saƙa wuri ɗaya. A Hausa abin ya fi muni: tunda A sifiri ce, duk inda ta zo harafin mabuɗin ne yake fitowa tsirara, don haka harafin da ya fi yawa a kowane gida galibi shi ne na mabuɗin kansa.

Mabuɗin sau ɗaya

Lissafin bai canza ba, mabuɗin ne ya canza. Sharuɗɗansa huɗu: tsawonsa ya kai na saƙon, a zaɓi kowane harafinsa ta ƙuri'a ta gaskiya, ya zama sirri tsakanin mutum biyu, kuma kada a sake amfani da shi. Frank Miller ya bayyana shi a 1882 don saƙonnin tangarahu, Gilbert Vernam ya ƙera na'urarsa a 1917, Claude Shannon kuma ya wallafa hujjar rashin fasuwarsa a 1949.

Hujjar tana da sauƙin gani. A ce an kama XQLM. Da mabuɗin RCKI, saƙon GOBE ne. Da OIKE, JIBI ne. Kowace kalma mai harafi huɗu tana da mabuɗin da zai fitar da ita, kuma babu wanda ya fi wani yiwuwa. Gwada duka mabuɗan ba ya ƙara wa abokin gaba komai in ban da sanin tsawon saƙon.

A ganina nan ne ake yawan yi wa tsarin gurguwar fahimta. Bai kawar da matsalar sirri ba, ya mayar da ita kan mabuɗin ne. Mai son aika shafi dubu sai ya fara kai wa abokinsa shafi dubu na mabuɗi hannu da hannu. Mutum kuma ba ya iya ƙirƙiro haruffa barkatai da ka, yatsunsa suna da nasu halin, haka ma janareton lambobi na yau da kullum a kwamfuta, wanda ke farawa daga ƙaramar lamba guda. Sannan tsarin ba ya hana a taɓa saƙo: wanda ya san GOBE ce a ciki zai iya sauya XQLM ta fito JIBI ba tare da ya ga mabuɗin ba.

Babban kuskure shi ne maimaita shafi. Idan saƙo biyu suka hau mabuɗi ɗaya, C1 − C2 = P1 − P2, mabuɗin ya fice daga lissafin. Sai mai fasawa ya ɗauki kalmar da yake zato, kamar KUMA, ya riƙa jan ta gurbi-gurbi a saƙo na farko yana duba abin da ke fitowa a na biyu. Inda guntun kalma mai ma'ana ya ɓullo, ya samu bakin zaren. Haka ta faru da Tarayyar Sobiyet, wadda a tsakiyar Yaƙin Duniya na Biyu, a 1942, ta buga wasu shafukan mabuɗi sau biyu. Aikin Venona na Amurka, da aka fara a 1943 a Arlington Hall, ya bi waɗannan tagwayen shafuka ya karanta sassan saƙonni kusan 3,000, ba a kuma bayyana wa duniya ba sai a 1995. Saƙonnin da shafinsu bai maimaitu ba, har yau suna nan a rufe.