Zuwa ga ɗalibaina na aji uku: yadda za ku yi bita kafin WAEC

Assalamu alaikum, 'ya'yana. Saura mako takwas a fara jarrabawa, kuma na ga alamar wasunku sun fara kwana zaune a kan littafi.

A makon jiya na duba takardunku na jarrabawar gwaji. Yawancin makin da kuka zubar a lissafi, a kan abubuwan da muka yi tare a aji kuka zubar da shi.

Na tambayi wata ɗaliba yadda take bita. Ta ce ta karanta littafinta na rubutu sau uku daga farko har ƙarshe, amma da na rufe littafin na rubuta mata x² − 5x + 6 = 0 a allo, sai ta tsaya tana juya alli a hannu. Idonta ya saba da aikin, hannunta kuwa bai taɓa yin sa shi kaɗai ba.

Saboda haka, idan ka karanta darasi, ka rufe littafin, ka ɗauki farar takarda ka rubuta duk abin da ka tuna. Bayan haka ka buɗe ka gwada. Abin da ka manta shi ne aikinka na gobe.

Kun san yadda ake hadda a Islamiyya: mai tilawa ba ya kallon shafi, sai ya kakare a ɗora shi. Haka za ku yi wa ilimin halittu da tattalin arziki da sauran darussa.

Ka waiwayi darasin washegari, ka sake waiwayarsa bayan kwana uku, sannan bayan mako guda. Minti 40 kullum ya fi awa biyar a dare ɗaya.

Ka fara da darasin da kake gudu, a lokacin da kanka yake sarari. Ga yawancinku lokacin shi ne bayan sallar asuba, kafin zafi ya taso, kuma ba sai an jira wuta ba.

Tambayoyin shekarun baya su ne abin da na fi so ku dage a kai, amma da agogo a gabanku.

Takardar lissafi ta farko tana da tambayoyin zaɓi 50 a cikin awa ɗaya da rabi, wato kowace tambaya ba ta kai minti biyu ba. Idan ɗaya ta riƙe ka, ka yi mata alama ka wuce, ka dawo mata daga baya.

Takarda ta biyu awa biyu da rabi ce, kuma tambaya goma za ka amsa: biyar na dole a sashe na farko, sai biyar da za ka zaɓa cikin takwas a sashe na biyu. Idan ka raba, minti 15 ke nan ga kowace tambaya, kuma wanda bai taɓa gwada kansa da wannan ma'auni a gida ba, zai ji an ce a ajiye biro yana tsakiyar ta bakwai.

Ka nuna aikinka mataki bayan mataki. Masu duba takarda suna ba da maki a kan hanyar da aka bi, don haka ko ka yi tuntuɓe a ƙarshe, ba za ka tashi hannu rabbana ba. Wanda ya rubuta amsa tsurarta ya jefar da wannan makin.

Kada ka amince da amsoshin da ke bayan littattafan kasuwa ido rufe, domin na sha samun kuskure a cikinsu. In amsarka ta saɓa da tasu, ka kawo mini mu warware tare.

Kada son lissafi ko tsoronsa ya sa ka yi watsi da Turanci. Jami'o'i suna neman kiredit biyar, wato C6 zuwa sama, kuma a yawancin fannoni dole Turanci da lissafi su kasance a ciki. Ka rubuta insha'i ɗaya mai kalma 450 kowane mako, ka kai wa malamar Turanci ta duba.

Wayarka kuma, ka damƙa wa Mama ko Yaya har ka gama. Masu cewa za su turo tambayoyi a daren jarrabawa kuɗinka suke so, kuma wanda aka kama da satar amsa sakamakonsa ake sokewa.

Ranar Asabar da ƙarfe tara na safe za mu haɗu a ajinmu, mu yi cikakkiyar takarda ta biyu da agogo. Kowa ya zo da biro biyu, da fensir, da akwatin kayan lissafi, da takardar zanen giraf. Wanda ba shi da kalkuleta ya faɗa mini kafin Juma'a.

Allah Ya ba ku sa'a.

Malaminku na lissafi