Duban ƙarshe kafin sakin v2.4.0 na aplikasiyon ɗin littafin bashi

Salamu alaikum jama'a. Yau Alhamis ga inda muke, kuma tun daga sama in faɗa: a ganina ba mu shirya ba, gobe ba za a saki komai ba. Dalili yana ƙasa, #212 ne.

Ayyukan da aka sa wa wannan sigar 14 ne, an rufe 11. Na lambar waya ta Chadi ya shiga, yanzu fom yana karɓar +235 da lamba 8 kamar yadda yake karɓar +237 da lamba 9, 'yan Kusiri masu kwastoma a Njamena sun huta. Saura uku a buɗe. Fassarar Faransanci ta shafin rasit ba a gama ba, layi shida ne, Malam ya ce yau da daddare. Hotunan Play Store har yanzu na tsohuwar siga ne. Na ukun shi ne lissafi da dala maimakon sefa da 'yan kasuwa suke ta roƙo, wannan na ɗaga shi zuwa v2.5, don Allah kar wani ya cusa shi cikin dare.

To #212. Idan mai butik ya rubuta bashi ba rezo, aplikasiyon yana ajiye shi a waya sai rezo ya dawo ya tura, to idan rezon ya yanke bayan saba ta karɓa amma kafin amsa ta iso wayar, wayar tana ɗauka bai tafi ba sai ta sake turawa, bashin ya shiga sau biyu. Ƙanwarmu mai gwaji ta kama shi a cikin babbar kasuwar Garwa, buhun shinkafa na 25.000 ya koma 50.000 a kan mutum ɗaya, kuma SMS ya tafi wa mai bashin da wannan kuɗin. Ku ƙiyasta rigimar da za a yi a bakin shago. A ofis da wifi ba ya fitowa, shi ya sa kowa ya ce lafiya lau. Gyaran shi ne kowane bashi ya samu lambarsa ta UUID tun daga waya, saba in ta ga lambar da ta riga ta gani sai ta ce na karɓa kawai ba ta sake rubutawa ba. Yaya ya rubuta gyaran jiya amma ba wanda ya duba kod ɗin, kuma ya taɓa teburin bayanai, ke nan sai an gwada a wayar da ke da v2.3 da bashi cike a ciki, ba sabuwar saukewa ba.

Akwai wasu matsaloli biyu, amma su za mu iya tafiya da su. #198: SMS ɗin tunatarwa in akwai ƙ ko ɗ ko ɓ a ciki, saƙo ɗaya yana komawa harafi 70 maimakon 160, sai ya rabu biyu ko uku mu biya ninki. Na wucin gadi mun cire ƙugiyoyin a SMS kaɗai, ba daɗin karatu amma ana ganewa. #205 kuma rasit da aka yi tsakanin 12 na dare da ƙarfe 1 yana nuna kwanan jiya, saboda saba tana kan UTC mu kuma muna gaba da awa ɗaya. Wa ke sayarwa a wannan lokacin in ba mai shayi ba, a bar shi.

Sa hannu: Malam ya amince da rubutun Hausa, na Faransanci sai ya gama. Hajiya ta amince da ɓangaren kuɗi, ta gwada biya da Orange Money da MoMo duka sun wuce. Mai gwaji ta ƙi sa hannu kuma ina bayanta. Mai kula da saba bai sa ba sai ya ɗauki kwafin bayanai ya kuma gwada maido da shi, ɗauka kawai ba ta isa ba. Alhaji, ranka ya daɗe, naka ne na ƙarshe, na san an yi wa 'yan Marwa alkawarin wannan satin, amma a tuna wayar da ta riga ta sauke siga ba ma iya mayar da ita baya, sai dai mu tsayar a Play Console mu fitar da wata mai versionCode na gaba, kuma dubawar Google kan iya cin kwanaki.

In #212 ya wuce gwaji ranar Asabar a kasuwa da ƙaramar waya da rezo mai yankewa, Litinin da safe sai a buga:

```
git tag -a v2.4.0 -m "v2.4.0"
git push origin v2.4.0
```

Za mu fara da kashi 10 cikin 100 na masu amfani, mu sa ido kwana biyu kafin a ƙara. Ni ke riƙe da wayar ƙorafi Litinin da Talata, Yaya Laraba. Wanda bai yarda da ɗagawar ba ya faɗa kafin la'asar ta yau.