Maryam, saura kwana 7 jarrabawarki

Ƙanwata, tun da na ji muryarki jiya a waya na san ba kya barci. Umma ma ta ce tuwon da aka kai miki haka aka dawo da shi. Shi ya sa na zauna in rubuto miki kafin in tafi aikin dare.

Wannan faɗuwar gaban da gumin tafin hannu kin karanta su a aji. Jiki ne ya ji tsoro ya saki adirinalin, zuciya ta ƙara gudu. Ba alamar kin manta karatu ba ce. In ya taso miki, ki ajiye littafi, ki ja numfashi ta hanci kina ƙirga huɗu, ki sake shi a hankali kina ƙirga shida, kamar sau goma. Ni ma da shi na samu kaina ranar jarrabawar Kansul ɗinmu ta ma'aikatan jinya, lokacin da na karanta tambayar farko sau uku ban fahimce ta ba.

Daga yau kada ki buɗe sabon babi. Laraba da Alhamis ki ba tsofaffin tambayoyi, a kwamfuta in kin samu, da agogo a gabanki. Duk wadda kika faɗi ki rubuta dalili a takarda ɗaya. Wannan takardar ce karatunki na Juma'a bayan an sauko daga masallaci.

Lissafin ƙarin ruwa kuwa, tunda shi ke ba ki wuya, kullum ki yi guda biyar da safe. Ruwa mil 500 zai shiga a awa 4, layin mai ɗigo 20 ne: 500 × 20 ÷ 240, kusan ɗigo 42 ke nan a minti. Inda ake zamewa shi ne mayar da awa minti.

Asabar da Lahadi na Oski ne, wato gwajin aiki a aikace. Ki kwantar da Hauwa a tabarma ta zama majinyaciyarki, ki yi komai da babbar murya: sallama, faɗin sunanki, neman izini, wanke hannu, jan labule. Mai duba ki abin da ya gani ya ji kaɗai yake ba maki, kuma waɗannan ƙananan abubuwan su mutum ke tsallakewa in ya ruɗe.

Don Allah ki fita daga rukunin nan da ake yaɗa wai tambayoyi sun fito. Tayar miki da hankali kawai suke yi. Kofi da goron dare ma a bar su, ƙarfe 10 ki kwanta.

Litinin ki rufe littafi da La'asar, ki goge yunifom, ki haɗa takardar shiga da katin shaida da agogonki. Abba ya ce shi zai kai ki ranar Talata bayan Asuba, amma sai kin karya. Muna ta yi miki addu'a, Allah ya ba da sa'a. Zan kira ki ranar Alhamis bayan Isha'i, ki tanadi takardar nan mu bi ta tare.

Yayarki, Zainab